Tsakuren bincike kan madatsar Maga, bayan gyara

Assalamu alaikum Hajara. Da fatan kin isa Kusiri lafiya, kin kuma sami su Hajiya lafiya.

Na karanta tsakurenki a tsanake. Aikin yana nan, kuma aiki ne mai kyau, sai dai kin zuba shi duka a sakin layi ɗaya, ga shi mujallar ta ce a raba shi kashi huɗu, kowane kashi da kanunsa, kada ya wuce kalma 350. Ban ƙara wata hujja tawa ba. Abin da ke cikin kundinki na jera, kowace magana a mazauninta. Ga yadda ya koma.

TSAKURE

Madatsar Maga da ambaliyar fadamar Waza-Logon: nazarin rubutattun bayanai

Shimfiɗa: Fadamar Waza-Logon, wadda makiyaya ke kira yayre, tana Arewa Mai Nisa ta Kamaru, a yammacin kogin Logon. Ambaliyar ƙarshen damina ce ke rayar da ita: kifi ya hayayyafa, ciyawar rani ta tofo. Masunta Kotoko da Musgum, da makiyaya Fulani da Larabawan Shuwa, da namun dajin Waza sun dogara da ita. A 1979 aka gina madatsar Maga da ganuwa a gefen Logon domin noman shinkafar kamfanin Semri. Binciken ya tambaya: me ya sami fadamar bayan haka, kuma me sake sakin ruwa ya gyara?

Hanyoyin bincike: An yi bitar rahotannin ayyukan raya karkara, maƙalun ilmi, taswirori da bayanan ruwan sama da na kogin Logon. An kasa su zango uku: kafin 1979, daga 1979 zuwa 1993, da kuma daga 1994. A kowane zango an duba faɗin ambaliya, irin ciyawa, kamun kifi, da zuwan garkuna. Ba a yi sabon awo a fili ba.

Sakamako: Bayan 1979 ambaliya ta ragu sosai, musamman a yankin da ke arewa da madatsar. Ciyawa mai daɗewa, irin su burgu da shinkafar daji, ta ja baya, mai damina ɗaya ta maye gurbinta. Kifi ya ragu, makiyaya da dama sun sauya mashekari, namun dajin Waza sun yi ƙasa. Wannan zango ya zo daidai da farin shekarun 1980, don haka bayanan ba su ware rabon madatsa da na fari dalla-dalla ba. Bayan buɗe mashigin Peti Goroma a 1994, da wani a 1997, ruwa ya koma wani ɓangare na fadamar. Ciyawa mai daɗewa ta dawo sannu a hankali cikin shekaru, masunta da garkuna kuwa sun dawo da sauri. Yawan hanyoyin ruwan da masunta ke haƙawa ya ƙara saɓani tsakaninsu da makiyaya.

Kammalawa: Madatsa da fari tare suka raunana fadamar, kuma sakin ruwa ya nuna ana iya farfaɗo da wani sashenta ba tare da an rushe madatsar ba. Maido da ruwa yana bukatar yarjejeniya kan kiwo da kamun kifi tun daga farko. Ana bukatar awo a fili domin tantance rabon kowane dalili.

Muhimman kalmomi: yayre, Logon, Maga, ambaliya, kiwo, kamun kifi.

To, bari in gaya miki dalilin abin da na motsa, don ki iya kare shi idan masu tantancewa suka tambaya.

Babban gyaran yana jimlarki ta farko. Kin buɗe da cewa "Madatsar Maga ta kashe yayre." Na san daga zuciya kika faɗe ta, kuma duk wanda ya ji labarin waɗancan shekaru daga bakin dattawan garin Zina da ke cikin fadamar zai fahimce ki. Amma wannan hukunci ne, mazauninsa kammalawa, kuma idan aka ajiye shi a can sai a ga ya fi ƙarfin abin da ke samansa. Babinki na uku da kansa ya nuna cewa a shekarun da ruwa ya daina isa fadamar, sama ma ta hana ruwa, Logon ya yi ƙasa, tafkin Cadi ya janye. A tsohon tsakuren maganar fari tana ɓoye a tsakiyar layi na tara, cikin rabin jimla. Na ɗauko ta na sa ta cikin sakamako a fili, domin abu ne da kika gano, kuma shi ne ya nuna kin karanta takardun da idon basira. Ki lura kuma, kalmar "kashe" ba ta jituwa da abin da ya faru daga 1994. Ƙasar da ta mutu ba ta fitar da burgu idan an sako mata ruwa. Shi ya sa na sa "raunana".

Amfanin rabon nan ke nan a wurina. Muddin maganganu suna cakuɗe, mai karatu ba ya gane wanne ne kowa ya sani tun da, wanne kika yi da hannunki, wanne kika gano, wanne kuma ra'ayinki ne. Da an raba, kowace jimla sai ta amsa tambaya guda.

Hanyoyin bincike su ne suka fi ba ni aiki, domin a naki kalma huɗu ce kawai: "an duba rahotanni daban-daban". Zango ukun nan da abubuwa huɗun da kika duba duk suna cikin babi na biyu, can na kwaso su. Jimlar "Ba a yi sabon awo a fili ba" kada ki cire ta. Ba ta rage miki daraja. Tana gaya wa mai karatu iyakar abin da zai ɗora wa sakamakonki, ita ce kuma ta haifi jimlar ƙarshe ta kammalawa.

Na rage shimfiɗa da kusan rabi. Kafa Hukumar Tafkin Cadi a 1964 da mayar da Waza gandun daji na ƙasa a 1968 gaskiya ne, amma tambayarki ba ta rataya a kansu ba, su zauna a gabatarwar maƙala. Haka labarin kawunki, da yadda yake cika kwalekwale da tarwaɗa kafin hantsi a zamanin da. Na ji daɗinsa ƙwarai, ki buɗe maƙalar da shi idan kina so. Tsakure dai ba zai ɗauke shi ba, tunda kin ce takardu kika bi, ba hira kika yi ba.

Abu biyu suka rage gare ki. Ki bi shekarun nan, 1979, 1994 da 1997, ki tabbatar haka suke a jikin maƙalar da kuma tsakuren Faransanci, shi ma ki raba shi bisa wannan tsari. Sannan ki karanta wa wani da bai san yankin ba, ki ji ko zai iya maimaita miki sakamakon da bakinsa. Ki turo min duka biyun kafin Alhamis, zan duba su kafin in tafi Garwa.

Ki gaida mutanen gida. Allah Ya yi jagora.

Malaminki,
daga Marwa