Neman ganawa kan matsayina da albashina

Assalamu alaikum Yallaɓai,

Barka da aiki. Da fatan an dawo lafiya.

Ina neman alfarmar ka ba ni minti 30 mu zauna a kan maganar matsayina da albashina. Na ga gara in rubuto tukuna da in tare ka da ita a bakin ƙofa kana tsakiyar wani aiki.

A watan Yunin 2021 aka ɗauke ni mataimakiyar mai kula da sito, kuma har yau sunan da ke kan takardata ke nan. Amma tun da Malam Haruna ya yi ritaya a watan Fabrairun bara, makullan sito a hannuna suke. Ni ke karɓar kaya, ni ke sa hannu kafin a fitar, ni ke ƙidayar ƙarshen wata. Ranar da ka miƙa mini makullan ka ce in riƙe na wata 3 kafin a samo wani. Ga shi yau wata 14 ke nan.

Na ji daɗin amanar da ka ba ni, ina kuma son aikin. Ƙidayar da a da take cinye mana kwana 5, yanzu a kwana 2 muke gamawa, tun da na sake jera kantocin na sa wa kowanne lamba. Da masu binciken kuɗi suka zo a Disamba, giɓi ɗaya suka samu, na kwalayen nan 6 da ruwa ya jiƙa, wanda ni da kaina na kawo maka rahotonsa tun a Agusta. Sababbin ma'aikata biyun da aka turo mana kuwa, yanzu kowannensu na iya riƙe sito yini guda ba sai ina wurin ba.

Abin da nake so mu tattauna shi ne a tabbatar mini da matsayin mai kula da sito tare da albashinsa. In kuma akwai shirin kawo wani, ina roƙon a duba mini alawus na riƙon da na yi. Idan akwai inda ka ga ban kai ba, zan so in ji daga bakinka, mu tsayar da lokacin da za a sake dubawa. Na san ba kai kaɗai ke yanke hukunci ba, sai dai daga teburinka maganar za ta tashi.

Talata mai zuwa da ƙarfe 10 na safe ba mu da shigowar kaya, haka ma Alhamis bayan ƙarfe 2. In ba su yi maka ba, duk lokacin da ka sa zan zo. Zan taho da taƙaitaccen bayani shafi ɗaya da rahotannin ƙidaya, don kada in ci maka lokaci.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Hadiza
Sashen sito