Wasiƙa zuwa ga Hedimasta kan Hausa a aji biyu

Tudun Wada, Zariya
15 ga Janairu, 2024

Malam Hedimasta,

Assalamu alaikum. Da fatan an dawo hutu lafiya, ya ɗawainiyar yara? Allah ya saka da alheri.

Ni ce mahaifiyar Hafsatu, 'yar aji biyu. Ran Alhamis ta dawo gida da kuka, wai an ci ta tarar naira hamsin don ta ce wa ƙawarta "ara min abin goge rubutu" da Hausa. Kuɗin ba su dame ni ba, Malam. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da daddare kakarta ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yarinyar nan ta ƙi amsawa, wai an ce Hausa yaren marasa ilimi ne. Shekararta bakwai.

Ni tela ce. Idan na aike ta sayo zare na ɗari uku da hamsin da 'yar ɗari biyar, tun daga zaure take gaya min canjina. Amma a jarrabawar zangon da ya wuce ta faɗi lissafin ɗebewa. Da na zaunar da ita na karanta mata tambayoyin da Hausa, takwas cikin goma ta ci. Ashe lissafin ta iya, tambayar ce ba ta ji ba.

Ba ina ƙin Turanci ba ne. Don shi nake biyan kuɗin makaranta. Sai dai a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yara da harshen gida ko na yankinsu. A Ile-Ife ma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara da Yarbanci shekara shida na firamare, Turanci na matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin.

Roƙona shi ne a ɗage tarar nan. Idan malama ta kawo sabon darasi, ta warware shi da Hausa tukuna, sannan ta maimaita da Turanci. A kuma ware ko da rabin awa a mako su koyi karatu da rubutun Hausa, don har yau Hafsatu ba ta bambance "ƙasa" da "kasa" a takarda. Akwai yaran da Fulatanci ko Yarbanci suke ji a gida, su ma kada a kunyata su.

Kakarta ta ce in an yarda za ta riƙa zuwa ran Alhamis ta yi wa 'yan ajin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ba ta son ko sisi. Ina so a sa maganar cikin taron iyaye da malamai mai zuwa, zan halarta in sha Allahu.

Na gode, a huta lafiya.

Taku,
Maman Hafsatu