Atisayen ilimin gado: jadawalin Punnett da zanen salsala

Ɗalibai, ku zana jadawali kafin ku rubuta kowace amsa. Wanda ya kawo amsa babu zane, rabin maki zai samu.

Tambaya ta 1. A irin waken da Mendel ya yi gwajinsa da shi, ƙwayar gadon tsayi, T, tana rinjayar ta gajarta, t. An haɗa Tt da tt. Kashi nawa na tsirrai ake sa ran za su fito gajeru?

Amsa: rabi Tt, rabi tt. Gajeru kashi 50 cikin 100.

Tambaya ta 2. Miji AS ne, matarsa ma AS.

```
      A     S
A    AA    AS
S    AS    SS
```

(a) Mene ne yiwuwar su haifi mai sikila?
(b) Ɗansu na fari SS ne. Na biyun fa?
(c) Idan suka haifi huɗu, mene ne yiwuwar a ce babu SS ko ɗaya?

Amsa: (a) Gida ɗaya cikin huɗu ne SS, wato 1/4.

(b) Har yanzu 1/4. Don Allah ku tsaya a nan, domin wannan lissafi ya wuce na cin jarrabawa, lissafin lafiyar 'ya'yan mutane ne. Da yawa suna ɗauka cewa tunda na fari ya zo da sikila, ukun da za su biyo baya sun tsira. Ba haka ba ne. Gidajen nan huɗu ba 'ya'ya huɗu ba ne a jere. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, babu ruwansa da wanda ya gabace shi.

(c) 3/4 × 3/4 × 3/4 × 3/4 = 81/256, kusan kashi 32 cikin 100.

Tambaya ta 3. A zanen nan, murabba'i namiji ne, da'ira mace, wanda aka cike da baƙi kuma zabiya ne. Zabiyanci ba ya bayyana sai an gaji ƙwayar a daga uwa da uba, wato aa.

```
  □───○
    │
  ┌─┴─┐
  ■   ○
```

(a) Wane rukuni iyayen suke?
(b) 'Yarsu ba zabiya ba ce. Mene ne yiwuwar tana ɗauke da ƙwayar a ɓoye?
(c) Idan ta auri mai Aa, mene ne yiwuwar ɗansu na fari ya zama zabiya?

Amsa: (a) Dukansu Aa ne, tunda sun haifi aa alhali su ba zabiya ba ne.

(b) Kada ku yi gaggawar rubuta 1/2. Mun gan ta da idonmu, ba aa ba ce, don haka ku soke wannan gidan. Saura uku: AA ɗaya, Aa biyu. Amsar 2/3.

(c) 2/3 × 1/4 = 1/6.