Allon da Ya Kwana Bakwai Babu Rubutu

Saura mako guda a buɗe gidan abincin, amma allon da aka kai wa mai fenti a Sabon Gari yana jingine babu ko harafi ɗaya, domin Hajiya Rabi da Zuwaira sun kasa daidaitawa a kan suna.

Hajiya Rabi ce ta zuba jika 800 daga gadon mijinta, ta kama shago kusa da kasuwar Dole, ta sayi tukwane da bencina. Zuwaira kuwa hannunta ta kawo, hannun da ya koyi dambun zogale da miyar kuka a gindin murhun mahaifiyarta, Inna Delu, wadda ta shekara 20 tana sayar da abinci a bakin tasha kafin ta rasu.

"Sunan Alhaji Bukari za a rubuta," in ji Hajiya Rabi, "domin da guminsa aka kafa wurin nan, kuma ban yi masa komai ba tun da na fita takaba."

"Yaya, ban raina dukiyar Alhaji ba, Allah ya jiƙansa," Zuwaira ta amsa da murya ƙasa-ƙasa, "amma wanda zai zo nan ba benci zai ci ba."

Maganar ta soki Hajiya Rabi. Kwana uku suna aiki a shago ɗaya, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Ranar Laraba Zuwaira ta ɗora tukunyar gwaji, ta zuba wa wani tsohon direban hanyar Magariya da ya zauna hutawa a inuwar shagon. Ya kai loma biyu, ya dakata, ya daɗe yana kallon kwanon.

"Wannan daddawar, da wannan ɗan yajin da ke zuwa daga baya, hannun Delu ne. Ta sha ciyar da ni bashi lokacin da nake yaron mota, kuma ba ta taɓa tambayata ba."

Hajiya Rabi tana daga ciki tana jera kwanoni, ta ji komai. Da la'asar ta hau kabu-kabu zuwa wurin mai fenti, ta ce a rubuta Inna Delu.

Mai fenti ya ajiye buroshinsa. "Hajiya, ai ɗazu bayan azahar ƙanwarki ta zo, ta biya jika biyar daga aljihunta, ta ce in rubuta Alhaji Bukari, wai ba za ta yi asarar yayarta saboda katako ba."

Hajiya Rabi ta zauna a kan kujerar da ke wurin, ta share ido da gefen mayafinta. Can ta miƙe ta auna allon da tafin hannunta daga sama zuwa ƙasa.

"Malam, layi biyu zai ɗauka?"

"Zai ɗauka, sai dai haruffan su ƙanƙance."

"To, ka sa Delu a sama," ta ce, "ta girmi Alhaji."