Takardar Neman Aikin Mataimakiyar Mai Bincike a Ɗakin Nazarin Furotin

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Binciken Sinadaran Furotin.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin neman gurbin mataimakin mai bincike da kuka sanar, wanda aikinsa shi ne samar da furotin da tace shi da kuma auna ƙarfin aikinsa. Na kammala digirin farko a fannin ilimin halittu, kuma shekarata ta ƙarshe kusan duk a kan teburin gwaji ta ƙare, ina yin irin aikin da sanarwarku ta bayyana.

Binciken kammala digirina ya shafi inzayim ɗin nan da ake taƙaita sunansa da LDH, wanda yake juya fairubet zuwa laktet ta hanyar amfani da NADH. Mun sa ƙwayar bakteriya E. coli, nau'in BL21(DE3), ta samar mana da shi ɗauke da jelar histidin shida, muna tayar da samarwar da IPTG. A zafin digiri 37 na ma'aunin Selshiyas ƙwayoyin sun yi furotin mai yawa, sai dai galibinsa ya dunƙule ya ƙi narkewa, har bayan an fasa ƙwayoyin an juya su a na'ura, sai a same shi kwance a gindin kwalba maimakon cikin ruwan da ke sama. Da amincewar malamin da ya duba aikina, na rage yawan IPTG, na saukar da zafin zuwa digiri 18, na bar ƙwayoyin suka kwana suna aiki a hankali, domin idan samarwar ta yi sanyi furotin yana samun sararin naɗewa yadda ya kamata. Abin da aka samu bai kai na farko yawa ba, amma ya narke, kuma yana aiki.

Daga nan na tace shi a kolom mai ɗauke da nikel, na wanke da imidazol kaɗan domin korar furotin da suka maƙale ba bisa ƙa'ida ba, sannan na ƙara yawan imidazol ɗin har LDH ɗin ya sako. Na duba tsaftarsa da SDS-PAGE, na auna yawansa da gwajin Bradford a nanomita 595, kuma kowace rana nakan haɗa sabon ma'auni da BSA, ba na dogara da na jiya. Wurin da na fi daɗewa shi ne auna aikin inzayim ɗin kansa, inda ake zuba shi a ruwan gwaji a bi yadda hasken da NADH ke sha a nanomita 340 yake raguwa, sannan a maimaita da fairubet mai yawa dabam-dabam domin fitar da Km da Vmax. A ganina layi ɗaya tsaf a kan jel ɗin SDS-PAGE ba ya isa hujja, tun da SDS warware furotin yake yi, don haka jel ba zai bambance inzayim mai aiki da wanda ya riga ya lalace ba. Wannan ne ya sa duk kason da na tace sai na auna aikinsa kafin na raba shi ƙanana, na zuba giliserol, na ajiye a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili.

Ina kula da littafin gwaji sosai. Nakan rubuta ranar da aka haɗa kowane ruwa da pH ɗinsa da zafin da aka auna shi, har da gwajin da bai ba da sakamako ba, domin duk wanda ya ɗauki littafin ya iya maimaita aikin ko ba na nan. Na kuma saba da ayyukan yau da kullum, kamar kashe ƙwayoyin cuta a kayan aiki da lura da abin da ya kusa ƙarewa.

Abin da ya ja ni zuwa ɗakinku shi ne yadda sanarwar ta ambaci rarrabe furotin bisa girmansa. LDH sassa huɗu ne suke haɗuwa kafin ya yi cikakken aiki, kuma wannan hanya ce take nuna ko sassan sun haɗu ko sun dunƙule barkatai. Ina son in ƙware a kanta a ƙarƙashin kulawarku, alhali ina ɗauke muku nauyin samarwa da tacewa tun daga makon farko.

Na haɗo da tarihin karatuna da sakamakon jarrabawa da wasiƙar shaida daga malamin da ya duba bincikena. A shirye nake in zo ganawa a duk lokacin da kuka ga ya dace, kuma zan zo da littafin gwajina idan kuna son dubawa.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan takarda.

Taku cikin girmamawa,
Mai neman gurbin mataimakiyar mai bincike