Darasin Bita: Kusurwar Hannuwan Agogo da Gano Ranar Mako

An shirya wannan darasi ne domin ɗaliban ajin ƙarshe da za su zauna jarrabawar gwajin basira, inda ake ba tambaya ɗaya abin da bai wuce minti ɗaya ba, saboda haka babu lokacin zana agogo ko ƙirga kwanaki da yatsu.

Fuskar agogo da'ira ce mai digiri 360. Dogon hannu yana kewaye ta cikin minti 60, wato yana tafiyar digiri 6 a kowane minti. Gajeren hannu kuwa sai ya yi awa 12 kafin ya kewaye ta, don haka yana cin digiri 30 a awa ɗaya, ko rabin digiri a minti ɗaya. Wannan rabin digirin shi ne ke kayar da mafi yawan ɗalibai, domin sukan ɗauka gajeren hannu yana zaune a kan lambarsa har sai awa ta cika, alhali kuwa ba ya tsayawa ko kaɗan.

Tambaya ta farko: mene ne girman kusurwar da ke tsakanin hannuwan biyu da ƙarfe 4:20? Mai gaggawa zai ce babu kusurwa, tunda minti 20 a kan lamba 4 yake faɗawa. Amma a lissafi, dogon hannu ya yi tafiyar digiri 120, gajeren kuma ya yi 120 na awa huɗu, sannan ya ƙara 10 a cikin minti ashirin ɗin, ya kai 130. Bambancinsu digiri 10 ne, kuma ita ce amsa. A taƙaice ana rubuta ƙa'idar haka: `|30H − 5.5M|`, inda H ke nufin awa, M kuma minti, 5.5 kuwa shi ne digiri 6 na dogon hannu idan aka ɗebe rabin digirin gajeren.

Tambaya ta biyu: ƙarfe 9:10. A ninka 9 da 30, an sami 270. A ninka 10 da 5.5, an sami 55. Idan aka ɗebe, saura 215. Duk lokacin da amsa ta haura 180, sai a ɗebe ta daga 360 domin a sami ƙaramar kusurwa, wadda ita ake nufi idan ba a ambaci wata ba. Amsar ita ce digiri 145.

Tambaya ta uku: yaushe hannuwan za su haɗu bayan ƙarfe 4:00? Dogon hannu yana bayan gajeren da digiri 120, kuma yana rage tazarar da digiri 5.5 kowane minti, saboda haka idan aka raba 120 da 5.5 za a sami minti 21 da 9/11.

Lissafin ranar mako ya fi sauƙi, domin gaba ɗayansa ya rataya ne a kan abin da ya rage bayan an raba da 7. Idan an yi haihuwa ranar Laraba, aka tambayi ranar da za ta kasance bayan kwana 40, sai a fitar da mako biyar, wato kwana 35, saura 5, a ƙirga gaba daga Laraba, a sauka a kan Litinin.

Shekara mai kwana 365 mako 52 ce da rarar kwana 1, mai kwana 366 kuma rararta 2 ce. Shekarar da lambarta ta rabu da 4 ita ce mai kwana 366, sai dai shekarun da ke cika ƙarni, waɗanda dole su rabu da 400. Shi ya sa Fabrairun 2000 ya yi kwana 29, na 1900 bai yi ba.

Nijeriya ta sami 'yancin kai ranar Asabar, 1 ga Oktoba, 1960. Wace rana ce 1 ga Oktoba, 2000? Shekara 40 ta ba da rarar kwana 40, sannan daga 1964 zuwa 2000 an ratsa 29 ga Fabrairu sau 10, jimilla 50. Idan aka raba 50 da 7 saura 1, don haka ranar Lahadi ce. A lura cewa ba a saka 1960 a ƙirga ba duk da tana da kwana 366, domin Fabrairunta ya riga ya wuce kafin Oktoba.

Ana kuma iya ƙirgawa baya. Nijar ta sami nata 'yancin ranar 3 ga Agusta, 1960. Daga nan zuwa 1 ga Oktoba akwai kwana 28 da suka rage a Agusta, da 30 na Satumba, da 1 na Oktoba, wato 59, wanda ya bar saura 3. Idan aka koma baya kwana uku daga Asabar, sai a tarar ranar Laraba ce.

Aikin gida: a nemo kusurwar ƙarfe 7:30 da ta ƙarfe 12:50, sannan a gano ranar da 1 ga Oktoba, 1963 ta faɗa, a nuna matakan lissafin kowace.