Katunan Tunatarwa na Zaman Karatun Sadiku, Ƙarfe 4:00 zuwa 5:55 na Yamma

Katin sama: karanta wannan sau ɗaya kawai, ranar farko

Sadiku ƙanena, tunda na koma makaranta babu mai tsaya maka a ka, ga katunan nan a madadina. Na jera su bi da bi, na ɗaure da roba. Duk lokacin da agogon tebur ya kaɗa, ka ɗauki na gaba, ka karanta, ka yi abin da ya ce. Kada ka leƙa wanda lokacinsa bai yi ba.

Tsarin ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wani Ba'italiye ne, Francesco Cirillo, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibin jami'a, da ɗan agogon kicin mai siffar tumatir. Ana kiransa Pomodoro. Nasa ƙa'idar minti 25 na aiki, minti 5 na hutu, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Na san ka, kafin minti 25 ka riga ka zana mota a bayan littafi ka je ka buɗe firij ka dawo. Saboda haka naka minti 15 ne, zagaye biyar, jimilla minti 75. Da ka zauna awa uku kana kallon shafi ɗaya, gara waɗannan.

Sharaɗi ɗaya ne: agogo ke da ikon cewa a fara, shi ke da ikon cewa a tsaya. Kai ba ruwanka da wannan hukuncin.

Yayarka, Hadiza

4:00, shiri

Kai wayarka ɗakin Mama ka ajiye. Kifa ta a kan tebur bai wadatar ba, hannunka ya san hanya. Ka shiga bayi yanzu, ka zubo ruwa a kofi, ka fere fensir. A kan tebur kada a ga komai sai littafin kimiyyar halittu, takardar aiki, biro, fensir, da farar takarda guda a hannun dama. Rubuta mata suna a sama: Sai Anjima. Za ka ga amfaninta.

Saita agogo minti 15.

4:05, zagaye na ɗaya

Buɗe babin zuciya da zagayawar jini. Ban ce ka karance babin ba. Shafin da ke da hoton zuciya da wanda ke biye da shi, su kaɗai. Ka karanta da ɗan sauti, ƙasa-ƙasa, kana bin layi da yatsa, ba abin kunya ba ne. Abin da kake nema kafin agogo ya kaɗa shi ne amsar tambaya ɗaya: idan jini ya dawo daga jiki, ta waɗanne ɗakuna yake bi kafin ya sake fita?

Yanzu ga abin da zai faru, don kada ya zo maka ba-zata. Wajen minti na shida ko na bakwai, wani tunani zai faɗo maka. Wa ya ci wasan jiya? Ina na ajiye caja? Abokina ya amsa saƙona kuwa? Zai zo da gaggawa, kamar idan ba ka tashi yanzu ba wani abu zai lalace. Babu abin da zai lalace. Jawo Sai Anjima, rubuta shi da kalma biyu ko uku, “wasan jiya”, “caja”, ka mayar da yatsa kan layin da ka tsaya. Shi ke nan. Kada ka tsaya faɗa da kanka, kada ka ce “ni dai ba zan iya ba”. Wannan faɗan ya fi tunanin caja cin lokaci. Hankalin kowa yana tafiya, nawa ma haka, naka dai ya fi saurin zamewa. Dawowar ake nema a wurinka. Idan sau goma ya tafi, ka dawo da shi sau goma, zagayen ya yi kyau.

4:20, hutu

Ajiye biro. Ko kana tsakiyar jimla ne, saka ɗigo a wurin ka tashi. Ka miƙe, ka yi miƙa, ka sha ruwa. Je bakin taga ka kalli abu mafi nisa da idonka ya hango na daƙiƙa 20. Masu kula da lafiyar ido suna ba da shawarar a riƙa duban abin da ya kai nisan mita shida, don idon da ya daɗe a kan rubutu ya saki.

Ban da ɗakin Mama.

4:25, zagaye na biyu

Rufe littafin. Eh, rufe shi, ka ɗora kofi a kai idan ta kama.

Ɗauki sabuwar takarda ka zana zuciya da ka: ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Sa kibiyoyi su nuna hanyar jini. Ba zanen gasa ba ne, akwati mai gida huɗu ma ya isa. Ka ba wannan minti takwas, sannan ka buɗe littafin ka gyara da jan biro. Ga abin da ya kamata ka samu: jinin da ya dawo daga jiki yana shiga ɗakin sama na dama, ya sauka na ƙasa na dama, ya tafi huhu ya ɗauko iskar oksijin, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa na hagu, daga nan a turo shi ko'ina a jiki. Ka lura bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi sauran kauri, ka tambayi kanka me ya sa. Wanda zai tura jini har yatsan ƙafa da wanda zai tura shi huhu nan kusa, wa ya fi buƙatar ƙarfi?

Na san wannan zagayen ba ya maka daɗi. Maimaita karatu ya fi sauƙi, kana karantawa kana gyaɗa kai, kana ji kamar ka iya. Gane abu idan ka gan shi daban, fito da shi daga kanka a ɗakin jarrabawa daban. Masu binciken ƙwaƙwalwa biyu, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan a 2006: bayan mako guda, ɗaliban da suka yi ta ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karatun riƙe shi. Don haka idan takardarka ta cika da jan biro, kada ranka ya ɓaci. Kowane gyara wuri ne da da sai ranar jarrabawa za ka gano ba ka sani ba.

4:40, hutu

Tashi. Zagaya tsakar gida ko baranda sau biyu. Idan kana so, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ka ƙirga bugun na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Ɗakin ƙasa na hagu da ka zana ɗazu ne ke wannan aikin.

4:45, zagaye na uku

Littafi a rufe kuma. Tambayoyi uku na farko a ƙarshen babin, ka kwafe su, ka amsa a rubuce. Wadda ta gagare ka, sa mata tauraro ka wuce. An hana zama a kan tambaya ɗaya fiye da minti biyar, domin a nan ne ido ke tsayawa a takarda, mai idon kuwa ya yi nisa. Idan zama ya ishe ka, miƙe ka yi rubutun a tsaye. Kaɗa ƙafa, murza roba, duk na yarda, muddin biro na tafiya.

5:00, dogon hutu na minti 20

Sannu da ƙoƙari, auta. Ka yi uku.

Saita agogo kafin ka bar ɗakin, wannan shi ne wurin da aka fi yin asara. Ka ɗan ci wani abu, ka wanke fuska, ka fita ka sha iska. Duba Sai Anjima: abin da za a iya gamawa cikin minti biyu, kamar neman caja, yi shi yanzu. Za ka ga rabin abubuwan da suka tayar maka da hankali ɗazu ko kallo ba su cancanta ba.

Batun waya kuma, mu yi maganar gaskiya. Ba na so ka taɓa ta sai 5:55. Gajerun bidiyon nan ba su da ƙarshe, ɗaya na ƙarewa wani ya hau, babu inda aka tanadar maka wurin tsayawa. Ka shiga da niyyar minti biyar, sai ka ɗago ka ga duhu ya yi. Kuma ko ka iya ajiyewa, kan da ya saba da sabon abu kowace daƙiƙa goma ba zai yarda ya koma kan lissafi cikin sauƙi ba. Idan akwai saƙon da kake jira da gaske, ka roƙi Mama ta duba maka.

5:20, zagaye na huɗu

Canjin darasi, don kai ya ɗan farfaɗo. Lissafi. Fara da wannan, na san ka iya shi:

x² − 5x + 6 = 0

Nemo lambobi biyu da idan ka ninka su za su ba ka 6, idan ka tara su kuma −5. Idan ka samu x = 2 da x = 3, daidai ne. Da gangan na sa mai sauƙi a gaba, dawowa daga dogon hutu ita ce mafi nauyi, sai an ɗan tura mota kafin ta tashi. Sai wannan:

x² + 7x + 12 = 0

Bayan shi ka ci gaba da na aikin gida, daga lamba ta ɗaya. Rubuta kowane mataki, kada ka yi a ka. Idan hankali ya tafi ya dawo, matakin da ka rubuta zai nuna maka inda ka kwana.

5:35, hutu

Ko da lissafin ya fara daɗi, tashi. Na san za ka ce “bari in ƙarasa wannan”. Idan ka cinye hutun yanzu, zagaye na biyar ne zai biya bashin. Ruwa, miƙa, taga.

5:40, zagaye na biyar

Na ƙarshe. Minti goma a kan aikin gida. Minti biyar da suka rage, juya takarda ka sake faɗin hanyar jini da baki, ba tare da duba komai ba, kamar kana koya wa wani ɗan aji ɗaya. Mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan karatu, tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna haka, shi ya sa muke waiwayarsa tun yau.

Katin ko-ta-kwana: na ranar da abin ya ƙi

Wata rana za ka zauna ka ji ko buɗe littafin ba ka iyawa. Wata rana kuma za ka farga agogo ya kaɗa tuntuni kana can kana wani abu. Kada ka ce yau ta lalace sai gobe. Saita minti biyar kacal, ka yi tambaya ɗaya. Idan agogo ya kaɗa kana son ci gaba, ƙara goma. Idan ba ka so, huta minti biyar ka sake gwada wasu biyar ɗin. Zagayen da ya wuce ya wuce, ba a ramuwarsa da dare, barcinka na awa takwas zuwa goma ba na taɓawa ba ne.

Idan kuma ka ga kwanaki na tafiya ko minti biyar ɗin na gagara, a gida da aji duka, ka gaya mini ko ka gaya wa Mama. Akwai likitocin da aikinsu ke nan, duba matsalar tattara hankali, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin kai malalaci ne.

5:55, an tashi

Rufe littafi. A jikin kalanda, ja layi ɗaya domin kowane zagaye da ka kammala yau, ko biyu ne ka ja biyun. A sabuwar takarda rubuta abin da za ka fara da shi gobe, takamaimai, irin “tambaya mai tauraro, babin zuciya”, ka saka ta a shafin. Mayar da katunan yadda suke, ka ɗaure da roba.

Idan ka yi mako guda kana cika minti 15 ba tare da ka tashi ba, mu mayar da shi 18. Je ka karɓi wayarka, ka turo mini hoton zanen zuciyar, har da jan biron.